Ya ci 45, ya faɗi 52, alhali hanya ɗaya ya bi

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ɗana yana aji biyu na ƙaramar sakandare. An ba su takardar aiki a darasin kwamfuta, a mayar da lambobi zuwa bainari, wato rubuta su da 0 da 1 kawai. Ya raba 45 da biyu-biyu ya samu 101101, aka ba shi maki. Ya yi wa 52 haka ya samu 001011, aka soke. A wata tambayar an ce a mayar da 10110 zuwa lambar da muka saba, ya rubuta 44, ita ma aka soke. Ya rantse mini hanya ɗaya ya bi. Shi ne bai iya ba, ko malaminsu ne ya yi kuskure? Ni ban yi wannan darasi a makaranta ba.

Amsa: Barka kadai, Hajiya. Yaron bai yi miki ƙarya ba, malaminsu kuma bai zalunce shi ba. Hanya ɗaya ya bi duka sau biyun, kuma hanyar tana da tangarɗa a wuri guda. A tambayar farko sa'a ce ta rufa masa asiri, a ta biyu ta ƙi rufawa.

Ki dubi 101101 da kyau. Ki karanta ta daga hagu zuwa dama, sannan ki karanta ta daga dama zuwa hagu. Abu ɗaya ne, kamar sunan da za a juya shi ya dawo yadda yake. Saboda haka duk wanda ya kwashe amsar 45 a juye, daidai za ta fito masa, ba kuma wanda zai gane cewa a juye ya kwashe ta. Ita 52 ba ta da wannan kara. Amsarta 110100 ce, shi kuma ya rubuta 001011, wato ainihin amsar ce aka fara ta daga wutsiya. Rabawarsa duka daidai take. Wurin kwashewa ne ya zame.

Bari mu yi ta tare, ki ga inda abin ya faru. Ana raba lambar da biyu, a rubuta abin da aka samu da abin da ya saura, sannan a sake raba abin da aka samu, har a kai sifili.

```
52 ÷ 2 = 26   saura 0
26 ÷ 2 = 13   saura 0
13 ÷ 2 =  6   saura 1
 6 ÷ 2 =  3   saura 0
 3 ÷ 2 =  1   saura 1
 1 ÷ 2 =  0   saura 1
```

In kika sauko daga sama za ki karanta 0, 0, 1, 0, 1, 1, abin da ya rubuta ke nan. In kika hau daga ƙasa za ki karanta 1, 1, 0, 1, 0, 0, ita ce amsar. Na tabbata an faɗa musu a aji cewa daga ƙasa ake hawa, wataƙila ma an zana musu kibiya a gefen allo. Amma dokar da aka haddace ba dalili ba ta kwana a kai. Yaro ya saba tun firamare cewa rubutu daga sama yake farawa, to ranar da ya zauna shi kaɗai da takarda, hannunsa zai koma ga abin da ya saba.

Dalilin kuwa ba ya buƙatar kwamfuta ko kaɗan, kuma ke ma za ki iya nuna masa shi yau da dare. Ki ba shi lamba irin tamu ta kullum, a ce 347, ki ce ya yi mata irin wannan tsani, amma da goma zai riƙa rabawa.

```
347 ÷ 10 = 34   saura 7
 34 ÷ 10 =  3   saura 4
  3 ÷ 10 =  0   saura 3
```

Sai ki ce ya kwashe ragowar daga sama kamar yadda ya yi wa 52. Zai samu 743. Nan take zai yi dariya, don ya san 347 aka ba shi, kuma ba wanda zai bi shi bashin naira 347 ya yarda a ce 743 ne. Abin da ya gani da idonsa shi ne: ragowar da ta fara fitowa ita ce lambar can ƙarshen dama, mafi ƙarancin daraja, wadda ta fito daga ƙarshe kuma ita ce babba, mai zama a hagu. Haka yake ko da goma aka raba, ko da biyu, ko da takwas. Na daɗe ina koyar da wannan darasi, ban ga abin da ke gyara wannan kuskure da sauri kamar 347 ɗin nan ba. Yaron da ya ga 743 sau ɗaya ba ya sake buƙatar kibiya.

Me ya sa ƙaramar ce ke fara fitowa? Ki ɗauka dabino 52 ne a faranti. An ce a haɗa su bibbiyu. An samu ƙulli 26, ba ko ɗaya da ya rage a warwatse. Wannan sifilin na farko yana ba da labarin ɗaiɗaikun dabino ne: babu. Sai a haɗa ƙullin nan 26 su ma bibbiyu, a samu manyan ƙulli 13 masu dabino hurhuɗu, ba ƙullin biyu da ya rage, sifili na biyu ke nan. Da aka zo haɗa 13 bibbiyu sai aka samu 6 masu takwas-takwas, ƙulli ɗaya mai huɗu ya rasa abokin haɗi ya tsaya shi kaɗai. Shi ne 1 na farko a tsanin, kuma darajarsa huɗu ce, ba ɗaya ba. A ci gaba: 6 suka zama 3 masu sha shida-sha shida, ba mai takwas da ya rage. Ukun nan, biyu suka haɗu suka zama ɗaya mai 32, ɗaya mai 16 ya saura. A ƙarshe abin da ke kan faranti shi ne ƙulli ɗaya na 32, ɗaya na 16, ɗaya na 4. Ki tara su, 52 ne. Duk sauka ɗaya a tsanin, ƙullin yana ninka girma, shi ya sa layin ƙasa ya fi kowane nauyi, kuma mai nauyi a hagu ake rubuta shi, kamar yadda muke rubuta ɗaruruwa kafin gomomi.

Wannan shi ne bainari gaba ɗayansa. A lissafinmu na kullum, wanda takardar za ta kira desimal ko tushe goma, kowane gurbi ya ninka na damansa sau goma: ɗaya, goma, ɗari, dubu. A bainari, wato tushe biyu, kowane gurbi ya ninka na damansa sau biyu ne kawai: 1, 2, 4, 8, 16, 32, 64, 128. Alamomi biyu ne rak, 0 da 1, kuma 1 na nufin a ɗauki darajar wannan gurbi, 0 na nufin a tsallake ta. Kwamfuta ta dogara da shi ne domin kayan lantarkin da ke cikinta sun fi iya bambance hali biyu, akwai wuta ko babu, fiye da bambance hali goma ba tare da ruɗewa ba. Lissafin kansa ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, tun a 1703 Bajamushen nan Leibniz ya wallafa bayani a kansa. Amma wannan tarihi ne, ba shi zai ba yaron maki ba.

To mu koma ga tambaya ta uku, inda ya samu 44. Ga yadda ya kamata ta kasance. A rubuta darajar kowane gurbi a samansa, a fara daga dama, a fara da 1.

```
16   8   4   2   1
 1   0   1   1   0
```

Inda 1 take a ƙasa a ɗauki ta sama: 16 da 4 da 2, jimla 22. Amsar ke nan. Ban ga takardarsa ba, amma ina iya gaya miki abin da ya rubuta a kanta, don 44 ninkin 22 ne cif. Ya fara jera gurabensa daga 2 maimakon 1, wato ya sa 32, 16, 8, 4, 2. Kowane gurbi ya samu ninkin abin da ya cancanta, jimlar ma ta ninku. Yara suna yin haka ne saboda an ce musu "tushe biyu", sai su ɗauka da biyu ake farawa. Ki tuna masa cewa a tushe goma ma gurbin farko ba goma ba ne, na ɗaiɗai ne. Bakwai ɗin da ke cikin 347 bakwai ce, ba saba'in ba.

Kin ga ashe kuskurensa biyu daga rami ɗaya suka fito. A duka biyun bai riƙe cewa gurbin can dama shi ne na ɗaiɗai ba. Da ya riƙe wannan, da bai juya 52 ba, da kuma bai fara da 2 ba. Saboda haka kada ki sa shi ya haddace dokoki biyu. Gurbi kawai za ki zaunar masa.

Littattafan makaranta sukan rubuta gurabe da ƙaramar lamba a sama, kamar 2⁴, 2³, 2², 2¹, 2⁰, kuma nan ma akwai ramuka biyu da nake so ki sani don ki gane su in kin gani. Na farko shi ne 2⁰. Darajarsa 1 ce, amma yara da yawa suna ɗaukarsa sifili. Alamar wannan kuskure ita ce amsa ta gaza da ɗaya tak, kuma sai a lambobin da suka ƙare da 1 yake bayyana: 1011 ta fito 10 maimakon 11. A lambar da ta ƙare da 0 ba ya nuna kansa, don ko ba komai ba a ɗauki gurbin ba. Na biyu shi ne yaro ya ga 2³ ya ce shida, wato ya ninka biyu da uku, alhali nufin shi ne biyu sau biyu sau biyu, takwas. Wannan ma yana da wayo, don 2¹ da 2² duka daidai suke fitowa ta gurguwar hanyar, sai an kai gurbi na huɗu daga dama asiri yake tonuwa. Ni dai a ajina nakan ce su ajiye ƙananan lambobin saman nan tukuna, su rubuta 1, 2, 4, 8, 16 ƙarara ta hanyar ninkawa, in hannu ya faɗa sai mu koma yadda littafi ya rubuta. In malaminsu yana son a nuna su a aikin, sai ya rubuta duka biyun, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya.

Abin da ya fi damuna a takardar yaron shi ne ya miƙa 001011 bai ji wani abu ya tsaya masa a rai ba, alhali akwai abubuwa uku da ake dubawa cikin 'yan daƙiƙu, ba kalkuleta, kuma kowane daga cikinsu zai kama ta.

Ya san wasan cika ko mara? To shi ne gwajin farko. Duk guraben bainari cika ne, 2 da 4 da 8 da sauransu, ban da na ƙarshen dama wanda yake 1. Saboda haka lamba ba ta zama mara sai in ta ƙare da 1. Tun kafin ya sa biro a takarda ya kamata ya ce: 52 cika ce, dole amsata ta ƙare da 0. Tasa ta ƙare da 1. Ga 44 kuwa wannan gwajin ba zai taimaka ba, tunda 22 da 44 duka cika ne.

Nan gwaji na biyu yake shigowa, shi ne ƙirga tsawon lambar. Lambar bainari mai gurbi biyar da ta fara da 1 ba ta ƙasa da 16, ba ta kuma kai 32 ba, mafi girmanta 11111, wato 31. Da ya ƙirga guraben 10110 ya ga biyar ne, ya san 44 ta yi yawa tun bai tara komai ba. Haka kuma a ɗaya ɓangaren: 52 tana tsakanin 32 da 63, to gurbi shida take buƙata, kuma na farkonsu 1 ne. Amsar da ta fito daga tsanin rabawa ba ta taɓa farawa da sifili, domin layin ƙarshe kullum 1 ÷ 2 ne, saura 1. Ganin sifili biyu a gaban amsarsa kaɗai ya isa ya tsayar da shi.

Na uku shi ne ya mayar da amsar inda ta fito. 001011 in aka jera ta a gurabe 8 da 2 da 1 ne, sha ɗaya. An ba shi 52, ya dawo da 11. Wannan gwajin ya fi sauran ɗaukar lokaci kaɗan, amma ba abin da ke tsere masa, muddin guraben daidai aka jera su.

Akwai wani kuskuren tsani da bai yi ba tukuna, amma yana jiransa a gaba: tsayawa da wuri. Yaro ya kai 3 ÷ 2 = 1 saura 1, ya ga ya iso ɗaya, sai ya ce ai ɗaya ba ya rabuwa da biyu, ya ajiye biro ya kwashe ragowa biyar. Zai samu 10100, wato 20. An yar da gurbi mafi nauyi, 32 ta tafi. Wasu malamai suna koyar da tsayawa a 1 ɗin, amma a haɗa da shi wajen kwashewa, hakan ma daidai ne. Matsalar tana zuwa ne in yaro ya ɗauki rabin wannan hanya da rabin waccan. Na fi son a sauka har sifili, don a nan doka ɗaya ce ba togiya: ragowa kawai ake kwashewa, dukansu.

Bari in faɗa miki laifina a wannan fage, don kada ki ɗauka malamai ba mu da hannu. A shekarun farkon koyarwata na taɓa ba aji gwaji da 9, 21, 27 da 45. Na zaɓe su ne da ka, don ba su da girma. Kusan kowa ya cinye, na koma ofishin malamai ina jin na iya aiki. Da jarrabawar ƙarshen zango ta zo da wasu lambobi, sai ga amsoshi a juye rututu. Na zauna na rubuta lambobina huɗu a bainari: 1001, 10101, 11011, 101101. Duk cikinsu ba wadda juyawa ke canzawa. Ashe gwajin nawa bai gwada komai ba a kan inda ake fara kwashewa. Tun daga ranar in zan fitar da tambaya sai na rubuta amsar na juya ta na gani. Ke ma in za ki ba shi na gwaji a gida, ki guji 5, 7, 9, 15, 17, 21, 27, 31, 33, 45, 51 da 63. Ki ba shi 11 da 13, don 1011 da 1101 juyin juna ne, in ya kwashe a juye zai ba ki amsar ɗayar a wurin ɗayar. Haka 19 da 25, wato 10011 da 11001.

Akwai hanya ta biyu ta mayar da desimal zuwa bainari wadda ba ta da matsalar sama da ƙasa, kuma ita masu aikin kwamfuta suka fi yi da ka. Kamar bayar da canji ce. Ki ɗauka kina da takardun kuɗi na 128, 64, 32, 16, 8, 4, 2 da 1, kowace guda ɗaya tak, aka ce ki biya 156. Za ki fara da babba. 128 ta shiga, saura 28. 64 ta fi ƙarfin 28, a tsallake. 32 ma haka. 16 ta shiga, saura 12. 8 ta shiga, saura 4. 4 ta shiga, ba sauran komai. 2 da 1 ba a taɓa su ba.

```
128  64  32  16   8   4   2   1
  1   0   0   1   1   1   0   0
```

Amsa 10011100. Ana rubuta ta daga hagu zuwa dama yadda hannu ya saba. Nata ramin shi ne mantawa da sifili. Yaro ya rubuta 1 duk inda ya ɗauka, ya ƙi rubuta 0 inda ya tsallake, musamman na ƙarshe bayan kuɗin sun ƙare, sai ya miƙa 100111 ko ma 1111. Maganinsa shi ne ya jera guraben duka a sama kafin ya fara, kowane gurbi kuma sai ya samu wani abu a ƙarƙashinsa. Shawarata ita ce in takarda ta ce a nuna aiki, ya yi tsanin rabawa tunda shi aka koya musu kuma akan ba da maki a kan matakai, sannan ya yi ta canjin a gefe ya gwada. In amsoshin biyu suka saɓa, ya san akwai inda ya zame.

Ta dawowa daga bainari ma tana da 'yar gajeriyar hanya da nake so ƙwarai. A fara daga hagu, a riƙe lambar farko, duk matsawa ɗaya a ninka abin da ke hannu sannan a ƙara lambar da aka tarar. A 10110: ana riƙe da 1, a ninka a ƙara 0 ya zama 2, a ninka a ƙara 1 ya zama 5, a ninka a ƙara 1 ya zama 11, a ninka a ƙara 0 ya zama 22. Ba jera gurabe, saboda haka ba damar farawa da 2. Ki sa shi ya yi wa 110100 haka. Zai samu 1, 3, 6, 13, 26, 52. Sai ki ce ya ɗaga ido ya dubi tsanin da ya yi da farko. Lambobin nan ne dai a gefen hagu, daga ƙasa zuwa sama. Hanyar tafiya ce aka biyo ta dawowa, kuma wannan ma wata shaida ce a gare shi cewa daga ƙasa lambar take farawa.

Game da sifilin gaba, kada ya fahimce ni a karkace ya ɗauka haramun ne. Wata takardar za ta ce a rubuta amsa a bit takwas. Bit shi ne gurbi ɗaya na bainari, takwas daga cikinsu kuma su ne bayit. A nan sai a samo amsar tukuna, sannan a cike hagunta da sifili har gurabe su kai takwas: 52 ta zama 00110100. Sifilin hagu ba ya canza komai, kamar yadda 007 bakwai ce. Na dama kuwa ninkawa yake yi: 110100 hamsin da biyu ce, 1101000 ɗari da huɗu. Yaron da ya cike ta gefen dama ya canza lambar. Mafi girman abin da bit takwas ke ɗauka shi ne 11111111, wato 255, don haka in an ce bit takwas kuma amsarsa ta desimal ta haura 255, ya koma ya duba. Wannan iyakar ce ta sa a adireshin intanet irin 192.168.1.1 ba za ki ga wani sashe ya wuce 255 ba, kowane sashe bayit ɗaya ne.

Ƙananan abubuwa biyu da ke cin maki a banza. Ya riƙa sa ƙaramar lambar tushe a ƙasan amsarsa, 110100₂ da 52₁₀, don 10 kawai ba a san goma ba ce ko biyu. Kuma in zai karanta bainari da baki ya faɗe ta ɗaya bayan ɗaya, "ɗaya, ɗaya, sifili, ɗaya, sifili, sifili". Ranar da ya kira 110 "ɗari da goma" ya riga ya koma tushe goma a kansa, alhali shida ce.

Dalilin da ya sa na nace a kan ya fahimci gurbi maimakon ya rera "daga ƙasa zuwa sama" yana gaba, in sun kai lambobi masu ɗigo. A can dokar juyewa take yi. Ana ninkawa da biyu maimakon rabawa, a ɗebe abin da ya fito gaban ɗigo.

```
0.375 × 2 = 0.75   ɗauki 0
0.75  × 2 = 1.5    ɗauki 1
0.5   × 2 = 1.0    ɗauki 1
```

Wannan daga sama ake kwashe shi: 0.011, wato kwata da rabin kwata, tunda guraben bayan ɗigo rabi ne, sai kwata, sai ɗaya bisa takwas. Mai haddar kibiya zai hau daga ƙasa ya rubuta 0.110, wadda take rabi da kwata, 0.75. Wanda ya san gurbi zai tambayi kansa, wace ce ta fara fitowa, babba ko ƙarama? A ninkawa babbar ce ke fara fitowa, sai ta zauna kusa da ɗigo. Wasu lambobin ma ba sa ƙarewa. In ya gwada 0.1 zai ga 0.000110011 tana ta maimaita 0011 ba iyaka, sai ya tsaya a yawan gurbin da takarda ta nema. Ba na jin sun kai nan a aji biyu, kada ki ɗora masa yanzu.

Ke da ba ki yi darasin ba, ga yadda za ki duba aikinsa ba tare da kin dogara da bakinsa ba. In akwai kwamfuta mai Windows a gidan, ki buɗe Calculator, ki zaɓi Programmer, ki buga 52. A layin da aka rubuta BIN za ki ga amsar, an raba ta huɗu-huɗu da sifilin cikewa a gaba, 0011 0100. In kika danna BIN ɗin kika buga 10110, layin DEC zai nuna 22. Kalkuletocin kimiyya da yawa na 'yan makaranta ma suna da wannan a ƙarƙashin BASE-N. Amma a hannunki na'urar za ta zauna, sai ya gama ya faɗi amsarsa da kuma gwajin da ya yi mata sannan ki duba.

Daren yau ki fara da 347. In ya ga 743 ya yi dariya, ki ba shi 52 ya sake, sai 11 da 13, sai 100. Kafin ya fara kowace ki tambaye shi abu biyu: da me za ta ƙare, kuma gurbi nawa za ta ci? Ga 100 ya kamata ya ce miki da sifili za ta ƙare, gurbi bakwai, domin tana tsakanin 64 da 127. Amsar 1100100 ce. Daga nan ki juya masa, ki ba shi 10110 da 11001 ya dawo da su, 22 da 25. Allah ya yi masa albarka, ya ba shi sa'a.